Sufanod: tambayoyi da amsoshi kan sos ɗin bolteji da ya maƙale tsakanin nod biyu

Salamu alaikum ƴan uwa. Ina ɗan yi ma yaran foli da na jami'a tutoriyal na sakit a nan cikin garin Katsina, ranar Asabar bayan la'asar, to kusan duk samista da an zo kan nodal sai na ga tambayoyin nan sun dawo kamar an yi fotokwafi, ko wanne ya ce shi ya gane komai har zuwa inda batir ya shiga tsakanin nod biyu sannan kai ya ɗau zafi. Shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda. Sakit ɗaya tal zan riƙe tun daga farko har ƙarshe, mu yi ta juya shi, don haka ka samo takarda ka zana shi, in ba ka zana ba wallahi karatun banza za ka yi.

Ga sakit ɗin. Nod huɗu ne, 0 shi ne giraun, sai 1, 2, 3. Batir mai 24 V yana tsakanin nod 1 da giraun, fulos ɗinshi na nod 1. Daga nod 1 zuwa nod 2 akwai rizista 4 Ω, daga nod 2 zuwa giraun 6 Ω. Daga nod 1 zuwa nod 3 akwai 9 Ω, daga nod 3 zuwa giraun 2 Ω. Sai mai kawo rigimar, wani sos na 6 V tsakanin nod 2 da nod 3, fulos ɗinshi na nod 2.

Malam wai mi ya hana in rubuta KCL a nod 2 kawai yadda na saba?

Gwada mana ka gani, KCL ai dokar karant ce, duk abin da ya shiga nod sai ya fita. Karant da ke fita daga nod 2 ta cikin 4 Ω ka san shi, `(V2 - V1)/4` ne. Wanda ke sauka ta 6 Ω ma ka san shi, `V2/6`. To na ukun fa, wanda ke bi ta cikin sos ɗin 6 V, da mi za ka raba? Babu rizistans ɗin da za ka raba da shi. Rizista in ka faɗa mani boltejin da ke kanta zan faɗa maka karant ɗinta da dokar Om, amma sos na bolteji irin na littafi ba haka yake ba, shi alƙawari ɗaya ya ɗauka, cewa bambancin ƙafafunshi biyu 6 V ne, ko karant 1 A ke wucewa ko 50 A ko ma baya yake komawa shi ba ruwanshi. Sauran sakit ɗin ne ke yanke hukuncin nawa zai bi ta cikinshi.

To ka ga KCL ɗin ba wai ta daina aiki a nod 2 ba ne, tana nan daram, kai ne ba ka da hanyar rubuta ɗaya daga cikin karant ɗin da boltejin nod, kuma nodal gaba ɗaya a kan wannan aka gina ta.

To shi batir ɗin 24 V ai shi ma sos ne, mi ya sa bai dame mu ba?

Saboda ƙafarshi ɗaya na giraun. Giraun 0 ne, don haka `V1 = 24` kai tsaye, an ba ka amsa kyauta, ba sai ka rubuta KCL a nod 1 ba. Shi kuwa na 6 V ba ƙafarshi ko ɗaya da ta taɓa giraun, abin da ya gaya maka kawai nod 2 ya fi nod 3 da 6, bai ce 12 da 6 ba ne ko 106 da 100.

Shi sufanod ɗin mene ne takamaimai?

Ka ɗauki biro ka zagaye nod 2 da nod 3 da sos ɗin da ke tsakaninsu da da'ira guda, abin da ke cikin da'irar nan shi ne sufanod. In za ka bincika a waya, `supernode` za ka rubuta.

Misalin da nike ba yara shi ne gidan biki. Gida ne mai sashe biyu, na uwargida da na amarya, da ƙofa a tsakani mutane na ta zirga-zirga ba wanda ke ƙirga su. In an ce ka faɗi mutum nawa suka shiga sashen uwargida nawa suka fita, dole sai ka san na ƙofar tsakiyar nan. Amma in ka tsaya a waje ka ɗauki gidan gaba ɗaya, ƙofar tsakiya ta fita daga lissafinka, don duk wanda ya bi ta cikinta bai bar gidan ba. Bambancin kawai shi ne a gidan biki mutane na taruwa, a sakit kuwa caji ba ya taruwa, duk abin da ya shiga da'irar sai ya fita. Dokar da Kirchhoff ya kawo a 1845 kenan, kuma ba ta tsaya kan ɗigo ɗaya ba, duk wani yanki da ka zagaye ka rufe tana aiki a kanshi.

Wanda bai yarda da labarin gidan biki ba ga lissafi. Ka sa ma karant ɗin sos suna `Is`, yana tafiya daga nod 2 zuwa nod 3, ka rubuta KCL biyu:

```
nod 2:  (V2 - 24)/4 + V2/6 + Is = 0
nod 3:  (V3 - 24)/9 + V3/2 - Is = 0
```

Ka tara su. `+Is` da `-Is` sun cinye juna. Abin da ya rage shi ne ikweshan ɗin sufanod. Ba wani siddabaru a ciki, tara layi biyu ne kurum, da'irar da muke zanawa gajeriyar hanya ce ta tsallake rubuta `Is` ɗin tun farko.

Yaya, ai yanzu ikweshan ɗaya gare ni kuma abin da ban sani ba biyu ne, V2 da V3. Ina zan samo na biyu?

Daga sos ɗin kanshi ƙanwata. Kin haɗe KCL biyu sun zama ɗaya, kin yi asarar layi guda, sai sos ya biya ki da nashi: `V2 - V3 = 6`. Wannan KVL ce, dokar bolteji, ba KCL ba. Bari mu yi shi har ƙarshe.

```
(V2 - 24)/4 + V2/6 + (V3 - 24)/9 + V3/2 = 0
V2 - V3 = 6
```

Ki lura kowace rizista da ta ƙetare da'irar an rubuta ta da boltejin nod ɗin da take jingine da shi, 4 Ω da 6 Ω da V2, 9 Ω da 2 Ω da V3. Ki ninka layin farko da 36 don a rabu da rabe-raben:

```
9V2 - 216 + 6V2 + 4V3 - 96 + 18V3 = 0
15V2 + 22V3 = 312
```

Sai ki sa `V2 = V3 + 6` a ciki, ya zama `15V3 + 90 + 22V3 = 312`, wato `37V3 = 222`. V3 ya fito 6 V, V2 kuma 12 V. Shi kenan an gama.

Ni dai a jarabawa ba na ma rubuta V2 ɗin. Tun a kan zane nike rubuta V a nod 3, in rubuta V + 6 a nod 2, sai ikweshan ɗaya mai abu ɗaya da ba a sani ba. Ya fi sauri kuma wurin yin kuskure ya ragu. Amma in malaminku na son ganin layukan biyu daban don ba da maki, ki ba shi abin da yake so.

Tun da an haɗe su sun zama nod ɗaya, ba sai in ce V2 = V3 ba?

A'a, kuma nan ne sunan ke yaudarar mutane. Sufanod ba shi da bolteji nashi na kanshi. Wajen ƙirga karant kaɗai aka haɗe su, wajen bolteji kowa na nan da nashi. In ka ce daidai suke to ka cire sos ɗin ka sa waya a wurinshi kenan, za ka samu `37V = 312`, wato kusan 8.43 V a duka biyun, amsar wani sakit daban.

Ɗan uwan wannan kuskuren shi ne wanda zai rubuta KCL a nod 2 da nod 3 daban-daban ya yi kamar bai ga reshen sos ɗin ba. Shi kuma ya cire sos ya bar wurin a buɗe. Zai samu V2 = 14.4 V da V3 kusan 4.36 V. Gano wannan ba wuya, ka ɗebe ɗaya daga ɗaya ka ga kusan 10.04 ya fito alhali sos ɗin 6 V ne. Duk lokacin da ka gama lissafi abu na farko da za ka duba kenan, bambancin nod biyun ya yi daidai da sos ko bai yi ba.

Ni matsalata alama ce. Yaushe ne V2 - V3, yaushe ne V3 - V2?

Nod ɗin da ke gefen fulos shi ne sama. Wanda ke gefen fulos a ɗebe wanda ke gefen mainos, shi ne ƙimar sos. A zanen batir, dogon layi shi ne fulos, gajere mainos. Ba ruwan wannan da inda karant ya dosa, ba ruwanshi da ko nod 2 na hagu ne ko dama, kuma ba ruwanshi da wace lamba ta fi girma.

Bari in daɗe a nan kaɗan don wannan kuskuren shi ya fi sharri a cikinsu duka. A ce ka juya, ka rubuta `V3 - V2 = 6`. Lissafi zai tafi sumul, `37V2 + 132 = 312`, V2 kusan 4.86 V, V3 kusan 10.86 V. Ka ce bari in duba, ka mayar da su cikin KCL ɗin sufanod, ya ba ka sifili cif. Ka lissafa fawa, ita ma ta daidaita. Ka rufe takarda kana murna alhali ka faɗi tambayar, don abin da ka warware sakit ne na gaske mai amsa ta gaske, kawai batir ɗinshi a juye yake, ba shi aka tambaye ka ba. Ba wani gwajin lissafi da zai kama maka shi. Maganin kawai ka koma kan zanen da ido, ka ɗora yatsa a kan fulos ka ce wane nod ne nan, shi ne ya kamata ya fi girma a amsata. Akwai wani yaro da na taɓa koya mawa, kaifin lissafi gare shi sosai, matriks uku-uku yake warwarewa ba kalkuleta, amma sau biyu wannan alamar na kayar da shi a gwajin da nike yi masu, sai da na sa shi dole ya riƙa rubuta + da - da jan biro kafin ya fara komai.

In an ce in nemo karant da ke bi ta cikin sos ɗin 6 V fa, alhali mun riga mun kore shi daga lissafi?

Sai ka dawo da shi bayan ka samu boltejin. Ka koma nod ɗaya cikin biyun, yanzu kam KCL ta talaka za ta yi aiki don komai sananne ne sai shi. A nod 2, abin da ke shigowa ta 4 Ω shi ne `(24 - 12)/4 = 3 A`, abin da ke sauka ta 6 Ω `12/6 = 2 A`, saura 1 A, ba inda zai bi sai cikin sos ɗin zuwa nod 3. Ka duba ta ɗaya gefen, a nod 3 akwai `(24 - 6)/9 = 2 A` na shigowa ta 9 Ω, ga 1 A ɗin sos, 3 A kenan, kuma 2 Ω na ɗauke da `6/2 = 3 A`. Ya yi.

Yanzu lura da wani abu mai daɗi. Wannan 1 A ɗin ta ƙafar fulos yake shiga sos ɗin. Sos mai ba da wuta karant ta fulos yake fitowa, in yana shiga ta fulos to karɓa yake, kamar batirin sola da rana tsaka. Wato sos ɗinmu na shan `6 × 1 = 6 W`. Yara da yawa in sun ga haka sai su ɗauka sun yi kuskure su goge amsa mai kyau. Kar ka goge, yi lissafin fawa. Batir ɗin 24 V na fitar da 3 A da 2 A, 5 A kenan, wato 120 W. Rizistoci na cin 36 W a 4 Ω, 24 W a 6 Ω, 36 W a 9 Ω, 18 W a 2 Ω, jimla 114 W. Ka ƙara 6 W ɗin sos, 120 W cif.

An sa rizista gefe da gefe da sos ɗin, ƙafafunta biyu na nod 2 da nod 3. In saka ta cikin ikweshan?

Kar ka saka. Tana cikin da'ira, karant ɗinta ya fita daga nod 2 ya shiga nod 3, bai bar gidan ba. In ma ka nace ka rubuta, `(V2 - V3)/R` da `(V3 - V2)/R` za su cinye juna, wahalar banza ka yi. Masu shirya tambaya na son sa ta don su ga wa zai ruɗe.

Amma kar ka ce ba ta da wani tasiri ko kaɗan. A ce 3 Ω ce. V2 na nan 12, V3 na nan 6, ba abin da ya motsa a waje. Ita kuma tana jan `6/3 = 2 A` daga nod 2 zuwa nod 3. To a nod 2 yanzu 3 A ke shigowa, 2 A na sauka ta 6 Ω, 2 A na bi ta sabuwar, 4 A ke fita kenan, dole sos ya cike gurbin 1 A, kuma ta fulos ɗinshi zai fito da shi. Sos ɗin da ɗazu yake shan 6 W yanzu ya koma mai bayar da 6 W. Fawa: ana bayar da 126 W, rizistoci na cin 114 da 12 na sabuwar, 126. To in tambayar boltejin nod ce ka share ta, in tambayar karant ko fawar sos ce dole ka tuna da ita.

In rizistar a jere take da sos ɗin fa, ɗaya bayan ɗaya?

To nan ba ka ma buƙatar sufanod. Reshen yanzu yana da abin rabawa. A ce sos ɗin 6 V na da 1 Ω a jere da shi, karant daga nod 2 zuwa nod 3 shi ne `(V2 - 6 - V3)/1`, sai ka rubuta KCL biyu yadda ka saba. Za ka samu kusan 0.80 A, V2 kusan 12.48 V, V3 kusan 5.68 V. In ka ga dama kuma ka sa ma ɗigon da ke tsakanin sos da rizista sunan nod ka yi sufanod da shi, amsa ɗaya ce sai dai hanya ta fi tsawo.

Wannan ma shi ne abin da ke faruwa a lab. Batir na gaske yana da ɗan rizistans a cikinshi, shi ya sa in kana cajin shi mita ke nuna sama da ƙimarshi, kamar yadda a nan bambancin ya zama kusan 6.8 V maimakon 6, in kuma yana ba da wuta ta nuna ƙasa. Duk mai gyaran sola a garin nan ya san haka ko da bai taɓa jin sunan sufanod ba.

Wani abokina ya ce in matsar da giraun zuwa ƙafar sos ɗin, sufanod ya ɓace. Gaskiya ne?

Wani lokaci gaskiya ne kuma dabara ce mai kyau. In sos na bolteji ɗaya ne a sakit, ko kuma duk sun haɗu a nod guda, ka sa giraun a nan ka huta. Giraun a nodal zaɓi ne, wurin da ka ce daga nan zan fara awo.

Amma gwada a namu. Ka mayar da nod 3 giraun, V2 ya zama 6 kyauta, madalla. To batir ɗin 24 V fa? Yanzu yana tsakanin nod 1 da tsohon giraun, ba wanda ke ƙasa a cikinsu, shi ya zama sufanod. Ka kori rigima ta ƙofa ta dawo ta taga, saboda sos biyun ba su da nod na tarayya. In ka warware za ka samu nod 1 na 18 V, tsohon giraun na -6 V, komai ya sauka da 6, karant kuwa ba wanda ya canza. Kuma in a takardar tambaya an riga an zana giraun aka ce nemo V2, ka matsar da shi, to ka tuna ka mayar da amsarka kan nasu, in ba haka ba za ka rubuta 6 inda ake jiran 12.

Sos ɗin da ke cikin zanenmu mai siffar daimon ne, an rubuta 2Ix a jikinshi. Shi ma haka?

Haka ne, difendan sos kenan, wanda ƙimarshi ta dogara da wani karant ko bolteji na cikin sakit ɗin, da'ira iri ɗaya, KCL iri ɗaya, `15V2 + 22V3 = 312` na nan ba ta canza ba. Layi na biyu ne kawai ke ƙara aiki. A ce `Ix` shi ne karant da ke bi ta 4 Ω daga nod 1 zuwa nod 2. Sai ka rubuta shi da boltejin nod tukuna:

```
Ix = (24 - V2)/4
V2 - V3 = 2Ix = 12 - V2/2
V3 = 1.5V2 - 12
```

Ka sa a cikin KCL, `15V2 + 33V2 - 264 = 312`, wato `48V2 = 576`, V2 = 12 V, V3 = 6 V. Da gangan na zaɓi 2 ɗin don amsa ta dawo daidai da ta farko ka iya dubawa, Ix = 3 A, sau 2 ya ba da 6 V. Abin lura biyu. Kibiyar Ix ka bi ta yadda aka zana, in ta juya alamar ta juya. Sannan ko da an rubuta 2Ix da harafin I, in akwai + da - a jikin daimon ɗin sos na bolteji ne, amsar 2Ix a V take ba a A ba. In kibiya ce a ciki to na karant ne, ba ya buƙatar sufanod sam.

Sos biyu ko uku a haɗe kamar sarƙa fa?

Da'ira ɗaya babba ta haɗiye su duka. Nod uku da sos biyu suka haɗa, KCL ɗaya, layin bolteji biyu, uku kenan daidai da abin da ake nema. In kuwa sarƙar ta taɓa giraun ta ko'ina to ba KCL ma, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tarawa. Ƙa'idar da nike amfani da ita kafin in fara, ka ƙirga nod, ka ɗebe 1 na giraun, ka ɗebe yawan sos na bolteji, abin da ya rage shi ne yawan KCL da za ka rubuta. A namu `4 - 1 - 2 = 1`. In ka ga kana rubuta biyu to akwai inda ka kauce.

Inda abin ke lalacewa shi ne sos na bolteji su rufe zagaye su kaɗai ba rizista, misali 6 V da 5 V gefe da gefe tsakanin nod 2 da nod 3. Ɗaya ya ce bambancin 6 ne ɗaya ya ce 5, ba amsa. Ko da duka 6 V ne, bolteji zai fito amma ba yadda za a san yadda suka raba karant tsakaninsu.

A sakit na AC ma ana yi?

Ana yi, ba abin da ya canza sai R ta zama Z, lambobi su zama masu kwana. Fulos da mainos da aka zana a jikin sos ɗin AC su za ka bi wajen rubuta layi na biyu.

Su manhajojin kwamfuta sufanod suke yi su ma?

A'a, su ba su jin nauyin yawan ikweshan. Suna barin `Is` ɗin nan da muka kora a matsayin ƙarin abin nema, su rubuta KCL a kowane nod, su ƙara layin sos. A namu V1, V2, V3 da karant ɗin sos biyu, abu biyar kenan. Hanyar ana kiranta MNA, wasu injiniyoyin IBM uku, Ho da Ruehli da Brennan, suka wallafa ta a 1975. Sufanod na mai biro da takarda ne wanda ke son rage aiki.

In kana da LTspice ko ngspice a laftof ga sakit ɗinmu ka duba amsarka:

```
* sufanod
Va 1 0 24
Vb 2 3 6
R1 1 2 4
R2 2 0 6
R3 1 3 9
R4 3 0 2
.op
.end
```

A layin sos, nod ɗin da aka fara rubutawa shi ne fulos, don haka `Vb 2 3 6` daidai yake da `V2 - V3 = 6`, in ka rubuta `Vb 3 2 6` za ka ga 4.86 da 10.86 ɗin nan na ɗazu sun fito, manhajar ba za ta ce maka uffan ba. Za ka ga `V(2)` 12, `V(3)` 6, `I(Vb)` 1, sai `I(Va)` ya fito -5. Mainos ɗin kar ya tsorata ka, su a wurinsu karant mai shiga ta ƙafar fulos shi ne fozitib, don haka sos mai ba da wuta da mainos yake fitowa, mai karɓa kamar Vb ɗinmu kuma ba mainos.